Dashen ƙoda: yadda ake zaɓen mai bayarwa, da abin da ke jiran majinyaci a shekarar farko

Duk iyalin da ke da mai ciwon ƙoda a Mirriya sun san hanyar Damagaram kamar tafin hannunsu. Tafiyar ba ta kai kilomita 20 ba, amma wanda ke yin ta sau biyu ko sau uku a mako, ya kwanta awa huɗu jikin na'urar wankin jini a babban asibitin ƙasa na Damagaram, ya dawo a gajiye, bai ɗauke ta gajeriyar hanya ba. A irin wannan zama ne maganar dashen ƙoda, abin da likitocinmu ke kira giref, take tasowa. Galibi tambaya biyu ake yi: wa zai bayar, kuma nawa ne kuɗin aikin. Akwai ta uku da ba a cika yi ba, alhali ita ke yanke hukunci a kan ko ƙodar za ta daɗe: yaya majinyaci zai yi da magani da gwajin jini bayan ya dawo gida.

Sanannen wurin dashe mafi kusa da Damagaram shi ne asibitin koyarwa na Aminu Kano, wanda ya yi dashensa na farko a 2002, shekara biyu bayan asibitin St Nicholas na Legas ya buɗe wannan hanya a Najeriya. Masu hali sukan wuce Indiya, Turkiyya ko ƙasashen Magrib. Ko'ina aka je, ƙa'idojin iri ɗaya ne, domin matsalar ɗaya ce: jikin mutum ba ya son baƙon nama.

An ga wannan tun farko. A ƙarshen Disamba 1952, a asibitin Necker na Faris, wani matashi kafinta mai suna Marius Renard, wanda ya faɗo daga bene ya rasa ƙodarsa guda ɗaya tilo, ya karɓi ƙodar mahaifiyarsa. Ta yi aiki kusan mako uku, sannan jikinsa ya ƙi ta, ya rasu. Shekara biyu bayan haka, ranar 23 ga Disamba 1954, Joseph Murray ya yi dashe a Boston tsakanin wasu tagwaye masu kama ɗaya, ƙodar ta zauna shekaru, domin jikin bai ga baƙo ba. Tun daga nan ilimin dashe yake neman ƙodar da ta fi kama da jikin mai karɓa, yana kuma neman hanyar danne garkuwar jiki a kan bambancin da ya rage.

Wa zai iya bayarwa

A ɗauki misalin wani ɗan kasuwa na Mirriya, mai shekara 42, wanda hawan jini ya kashe wa ƙoda, yana wankin jini tun shekara guda. Rukunin jininsa O ne. Mutum huɗu sun ce za su ba shi: matarsa, ƙanensa da suke uwa ɗaya uba ɗaya, ƙanwarsa ita ma shaƙiƙiya, da wani wansa ɗan uba.

Matakin farko rukunin jini ne, kuma ƙa'idar ita ce ta ƙarin jini. Mai O yana ba kowa, amma daga mai O kaɗai yake karɓa. Mai AB yana karɓa daga kowa. Mai A yana karɓa daga A ko O, mai B daga B ko O. Alamar ƙari ko ragi da ake rubutawa bayan harafin ba ta da tasiri a dashen ƙoda. A misalinmu matar B ce, saboda haka ta fita tun a nan. Akwai manyan cibiyoyi da ke tsallake wannan shinge ta hanyar tace jini kafin aiki, amma tsadarsa da haɗarinsa sun fi yawa.

Mataki na biyu shi ne gwajin da ake rubutawa HLA a takarda. Wasu alamomi ne a jikin ƙwayoyin halitta, da su garkuwar jiki ke gane nata da baƙo. Likitan Faransa Jean Dausset ne ya gano ta farko a 1958. Waɗanda aka saba dubawa guda shida ne, biyu-biyu a rukunan A, B da DR. Uku mutum ya gada daga uwa, uku daga uba, kuma a dunƙule ake gadonsu. Shi ya sa uwa ko uba ko ɗan cikin mutum kullum rabi suke dacewa da shi. Tsakanin shaƙiƙai kuwa, dama ɗaya cikin huɗu ce su dace gaba ɗaya, biyu cikin huɗu su dace rabi, ɗaya cikin huɗu su saɓa duka, kamar bare. A gidajenmu masu mata biyu da uku wannan lissafi yana da amfani: ɗan uba ba ya wuce rabi, kuma sau ɗaya cikin biyu ma ba za a sami rabin ba, sai in iyayen matan dangin juna ne ko auren zumunci ya haɗa jinin.

Kada a ɗauki wannan gwaji da zafi fiye da kima. Cikakkiyar dacewa tana sa ƙoda ta fi daɗewa, amma da magungunan yau ƙodar rayayyen mutum da bai dace ko kaɗan ba, kamar miji da mata, tana aiki da kyau. Gwajin da ke iya hana aikin ɗungurungum shi ne na uku, wanda ake kira kurosmac. Ana haɗa ruwan jinin majinyaci da ƙwayoyin jinin mai bayarwa a labo. In jinin majinyacin ya far musu, alama ce yana ɗauke da makaman da ya riga ya tanada a kan wannan mutum, kuma in aka dasa ƙodar tana iya mutuwa cikin mintoci ko awoyi. Abu uku ne ke haifar da waɗannan makamai: ƙarin jini, ciki, da dashen da aka taɓa yi a baya. Macen da ta haihu sau da yawa takan samu matsala da ƙodar mijinta ko ta ƴaƴanta saboda haka. Mai wankin jini kuma da ake yawan yi wa ƙarin jini, don allurar ƙara jini ta yi masa tsada, yana rufe wa kansa ƙofofi bai sani ba. Wanda ke da niyyar dashe ya faɗa wa likitansa tun da wuri, kuma kada a ƙara masa jinin wanda ake sa ran zai ba shi ƙoda.

A misalinmu, ɗan uban O ne amma gwajin haɗin jinin ya fito da faɗa, domin shi ya taɓa ba majinyacin jini. Ƙanen ya dace gaba ɗaya, sai dai binciken lafiyarsa ya nuna sukarinsa ya fara hawa. An ajiye shi, duk da shi ne mafi dacewa, domin ba a cire ƙoda daga mutumin da wata rana ciwon sukari zai iya cinye wadda ta rage masa. Ƙanwar ce, mai shekara 36, da dacewar rabi, ta tsallake komai: tansiyo, sukari, fitsari, gwajin sida da ciwon hanta na B da C, sikila, da hoton sikana da ke nuna ƙodojinta biyu da jijiyoyinsu. A yankin da yara ke wanka a tafki, ana duba tsargiya ga mai bayarwa da mai karɓa, a yi maganinta kafin aiki.

Likitoci kan keɓe da mai bayarwa su tambaye shi ko da yardarsa ya zo, kuma daidai ne su yi hakan. A gidan da babban wa ya yi magana, ƙanwa ba ta cika cewa a'a a gaban mutane ba. Sayen ƙoda kuwa dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ta haramta shi, haka ma sanarwar Istanbul ta 2008 da likitocin dashe na duniya suka amince da ita. A 2023 wata kotun Landan ta ɗaure tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawan Najeriya, Ike Ekweremadu, shekara tara da wata takwas, a kan kai wani matashi don a cire masa ƙoda.

Aikin kansa yakan ɗauki awa uku zuwa huɗu. Ba a cire tsofaffin ƙodojin sai da dalili. Sabuwar a ƙasan ciki ake sa ta, gefen mara, a haɗa ta da jijiyoyin jinin da ke sauka ƙafa, a ɗinka bututun fitsarinta a mafitsara. Ana barin wata siririyar roba a cikin bututun, a cire ta bayan mako huɗu zuwa shida. Ƙodar rayayye takan fara fitsari tun a ɗakin tiyata. Mai bayarwa yakan fita cikin kwanaki, ya koma aikinsa bayan wata ɗaya zuwa biyu, amma ya riƙa auna tansiyo da fitsari kowace shekara har abada.

Magani uku, da agogo

Daga ranar aiki, majinyaci ya shiga shan maganin danne garkuwar jiki, kuma ba zai daina ba muddin ƙodar tana jikinsa. A asibiti ana fara masa da allura mai ƙarfi. Bayan haka tsarin da ya fi yawa magani uku ne: takrolimus, mikofenolat, da perednizolon, wato kotizon. Kotizon ana farawa da yawa, a riƙa ragewa har ya koma kamar miligiram 5 a rana. Mikofenolat sau biyu a rana ake sha, yana iya kawo zawo da raguwar fararen ƙwayoyin jini, kuma yana lalata ɗan tayi, don haka mace ba ta ɗaukar ciki a kansa. Ana shawartar ta jira aƙalla shekara guda, likita ya canza mata magani tukuna.

Takrolimus ne ginshiƙi, shi ne kuma mai wuyar sha'ani. Tazarar da ke tsakanin abin da bai isa ba da abin da ya yi yawa ƙarama ce. In ya yi ƙasa, jiki ya far wa ƙoda. In ya yi sama, shi da kansa yake matse jijiyoyin ƙodar, ya kawo rawar hannu, ciwon kai da hawan sukari. Mutum biyu masu nauyi ɗaya suna iya shan adadi ɗaya, jinin ɗaya ya nuna ninki biyu na ɗayan. Saboda haka ba a dogara da yawan ƙwaya, ana auna shi a jini. A watannin farko cibiyoyi da yawa suna neman tsakanin 8 da 12 ng/ml, daga baya a sauko wajen 5 zuwa 8, gwargwadon yadda likitan ya tsara wa kowa.

Gwajin yana da sharaɗi guda da ake yawan karyawa. Ana shan maganin kowace awa 12, misali ƙarfe 8 na safe da 8 na dare, kuma ana ɗibar jinin ne dab da shan na safe, lokacin da ya fi ƙasa a jiki. Wanda ya sha ƙwayarsa a Mirriya da ƙarfe 7, ya hau mota, aka ɗebi jininsa da ƙarfe 9, sakamakonsa zai fito sama ƙwarai, likita ya rage masa magani bisa kuskure. Ranar gwaji a aljihu ake tafiya da maganin, a sha bayan an cire allura. Haka kuma agogo ake bi, ba lokutan salla ba, tunda tsakanin asuba da magariba yana canzawa da yanayin shekara.

Abokan gaban takrolimus suna nan a kasuwa. Rifamfisin, wanda ke cikin maganin tarin fuka, yana zubar da shi daga jini sosai, har an sha rasa ƙoda ta wannan hanya. Eritromisin, kilaritromisin, fulukonazol da ketokonazol suna ɗaga shi. Lemon famfilimus ma yana ɗaga shi. Zawo mai tsanani, wanda mutum zai zaci yana wanke magani, ƙara yawansa yake yi a jini. Diklofenak da ibufurofen, da ake saya a faranti a bakin tasha don ciwon jiki, suna cutar da ƙodar kai tsaye. Farasitamol ne aka yarda da shi. Jiƙe-jiƙe da saiwoyi babu mai iya cewa me za su yi wa ma'aunin, don haka a bar su. Duk ma'aikacin lafiyar da zai rubuta wa mai dashe odonansi, ko na mura ne, a fara gaya masa akwai takrolimus a jiki.

Lokacin da kireyatinin ya hau

Mutane suna zaton in jiki ya fara ƙin ƙoda za a ji zafi ko zazzaɓi. A ƙarƙashin magungunan yau, sau da yawa ba a jin komai. Abin da ke tona asiri shi ne kireyatinin, wani datti da ƙoda ke fitarwa, wanda ke taruwa a jini in aikinta ya ragu. Wannan ne dalilin yawan gwaji: kamar sau biyu a mako a watan farko, sau ɗaya a mako zuwa wata na uku, sannan a riƙa buɗe tazara har ta kai wata-wata. Shi ya sa ake son majinyaci ya zauna kusa da cibiyar da ta yi masa aiki a makonnin farko, kuma kuɗin wannan zama yana cikin lissafi.

Kowane mai dashe yana da lambarsa, inda kireyatinin ɗinsa ya tsaya bayan aiki, kuma da ita ake gwada komai. A kula da ma'auni, domin wata labo da µmol/l take rubutawa, wata da mg/l, wata da mg/dl. Lissafin shi ne 10 mg/l daidai yake da 1 mg/dl, daidai da kusan 88 µmol/l. Wanda ke yawo da takardu tsakanin Kano da Damagaram ya san wannan, kada ya firgita ko ya sake a banza.

A koma ga ɗan kasuwar. Ya dawo gida da lamba 120 µmol/l. A wata na huɗu, cikin zafin Afrilu, gwaji ya nuna 160. Lafiyarsa ƙalau a ido, yana zaune a shagonsa. Amma hawan ya kai kashi ɗaya cikin uku, kuma duk hawan da ya wuce kamar kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ana kiran likita ne a ranar. Abubuwa biyar ne ake zargi: ƙarancin ruwa a jiki, takrolimus da ya yi yawa, ciwon sanyin fitsari ko wata ƙwayar cuta da ake kira BK, toshewar bututun fitsari, ko ƙin ƙoda. Matsalar ita ce maganinsu ya saɓa wa juna. In takrolimus ne ya yi yawa ko BK ce, rage magani ake yi. In ƙi ne, ƙarawa ake yi. Wanda ya yi wa kansa hukunci a gida yana iya yin akasin abin da ake buƙata.

Likita zai sa ya sha ruwa a sake gwajin cikin kwana ɗaya ko biyu, a auna takrolimus, a duba fitsari, a yi ekogarafi. A ce takrolimus ya fito 3. Da aka bincika, sai ya amsa cewa mako biyu ke nan sau ɗaya yake sha a rana, yana jan abin da ya rage don saƙon maganinsa bai iso ba. Nan sai biyofsi: a tsira siririyar allura a ɗebo ɗan tsokar ƙodar a duba, domin ita kaɗai ke tabbatar da ƙi da irinsa. Irin da ya fi yawa yana jin allurar kotizon mai ƙarfi, kamar miligiram 500 a rana na kwana uku, kuma in an kama shi da wuri lambar takan sauko kusa da inda take. In ya jira har ƙafa ta kumbura, fitsari ya ragu, tabon da ya shiga ƙodar ba ya gogewa. A manyan cibiyoyi, kusan mutum ɗaya cikin goma ne ke gamuwa da irin wannan ƙi a shekarar farko, kuma fiye da ƙoda 90 cikin 100 na rayayyun masu bayarwa suna aiki bayan shekara. Waɗannan alƙaluma na wuraren da magani ba ya yankewa ne.

Ɗaya ɓangaren haɗarin shi ne cututtuka, tunda an kwantar da masu gadin jiki, kuma watanni shida na farko sun fi tsanani. Ana ba da kotirimogzazol na tsawon watanni don kare huhu da mafitsara, sau da yawa da maganin wata ƙwayar cuta mai suna CMV, wani lokaci da na rigakafin tarin fuka. Zafin jiki da ya kai digiri 38 ba na jira ba ne, kuma ba a cewa zazzaɓin sauro ne kawai a sayi ƙwaya: a yi gwajin a ranar, a kira likitan ƙoda. Gidan sauro, ruwan da aka tafasa ko aka tace, nono da madarar da aka dafa, nama da ya nuna sosai, duk sun zama dole. Rigakafin shawara, wanda ake nema wajen tafiya ƙasashen waje, mai rayayyar ƙwaya ne, don haka kafin dashe ake yin sa, ba a yi bayansa. Azumin Ramadan kuwa likitocin dashe suna hana shi a shekarar farko, saboda ƙishirwa da kuma tazarar awa 12 ta magani. Bayan haka sai abin da likita ya gani a gwaji.

Maganar kuɗi gara a yi ta da ƙidayar ƙwaya. Mutumin da ke shan takrolimus na miligiram 1 guda huɗu da safe, huɗu da dare, yana cinye 240 a wata. Mikofenolat na miligiram 500, biyu da safe biyu da dare, 120 ne a wata. A ɗora gwajin jini, motar zuwa, da ajiyar ko-ta-kwana don biyofsi ko kwanciya asibiti. Gudummawar dangi da ta masallaci takan haɗu don ranar aiki, sai ta yi sanyi a wata na uku, lokacin da kuɗin magani ke nan daram. Kafin a sa ranar tiyata, iyali su tambayi farashin wata guda a farmasin da za su riƙa saye, su ninka sau 12, su san wa ya ɗauki wane wata.

Su kuma san ta ina maganin zai riƙa zuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyakar Nijar da Najeriya, ba a buɗe ba sai a Maris 2024, kuma takrolimus ba maganin da ake samu a kowane kanti ba ne. Mai dashe a Mirriya yana buƙatar ajiyar aƙalla wata biyu a gida, a cikin kwalinsa, a ɗaki mafi sanyi, nesa da rana da laima. In dole ta sa aka canza kamfanin maganin, ana sanar da likita a sake auna jini bayan kamar mako guda. Ya kuma riƙe littafi guda da zai riƙa rubuta kwanan wata, nauyinsa, tansiyo, kireyatinin da takrolimus, domin likitan Damagaram da na cibiyar dashen su karanta abu ɗaya in sun yi waya.